Bidiyon ta'aziyya: na hotuna, na fuska, ko murya da rubutu kawai, wanne ya dace ka tura wa gidan da aka yi rashi?

Yanzu dai an riga an saba, da zarar an yi rasuwa kafin ma a dawo daga maƙabarta zaka ga bidiyo ya fara yawo a guruf na dangi da Status ɗin mutane, wani hoton mamacin ne yana juyawa da wani sauti mai sa kuka a ƙasa, wani kuma mutum ne ya kafa waya a gabansa yana magana, wani kuma baƙin allo ne kawai da ƙira'a. Dukkansu da niyya mai kyau ake yi, wannan ban musa ba. Amma ni abin da nake so mai haɗawa ya fara tambayar kansa shine waye zai kalla, domin bidiyon da aka yi don jama'ar gari su san an yi rashi daban yake da wanda aka yi don matar mamacin ko mahaifiyarsa, wacce sai dare ya yi mutane sun watse daga zaman makoki sannan zata ɗau wayarta ta buɗe ita kaɗai a ɗaki. Ita nake nufi a duk abin da zan faɗa a nan, kuma da ita zan auna kowanne cikin ukun.

Kafin nan dai, in kana gari ɗaya da su to ka taka ka je, bidiyo baya maye gurbin ka zauna a tabarma kace ya muka ji da haƙuri. In nesa kake ka fara kira. Bidiyon na wanda hanya ta yi masa nisa ne, ko wanda ya kira aka miƙa wa mai takaba waya cikin hayaniya bata ma gane wa ke magana ba, ko kuma 'yan uwa da yawa da suke so su haɗa murya ɗaya. Aika saƙon ta'aziyya daga nesa kuwa yana da asali, hadisin Usama ɗan Zaidu da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya nuna lokacin da 'yar Annabi (SAW) ta aiko masa cewa ɗanta na gargara, sai ya aika mata da sallama da cewa na Allah ne abin da ya karɓa, nasa ne abin da ya bayar, kuma komai a wurinsa yana da ajali ambatacce, sai ta yi haƙuri ta nemi lada. Ka lura da gajartar saƙon.

Na farko, na hotuna. Shine ya fi yawa saboda shine ya fi sauƙi, ka buɗe CapCut ka zaɓi tamfilet ka zuba hotuna shida ko takwas, cikin minti biyar ka gama. Kuma gaskiya yana da amfaninsa, mutanen nesa da basu riƙe sunan ba da sun ga fuskar sai su gane wanda ake nufi su yi masa addu'a. Amma ga 'yan gida shine ya fi kowanne nauyi. WhatsApp yana nuna hoton farkon bidiyo tun kafin a danna, kenan matar bata ma zaɓi ta kalla ba, ta buɗe guruf ne don ta ga ko ƙaninta ya taso daga Zariya sai kawai ta yi ido huɗu da mijinta yana murmushi ranar bikin 'yarsu. In kuma wayarta na sauke kaya da kanta to bidiyon ya shige galari, bayan wata biyu tana neman hoton wani abu daban zata sake cin karo da shi. Sannan ga matsalar su waye a cikin hotunan, hoton biki akwai matan aure a gefe ba mayafi sosai, akwai yara, akwai uwargida babu amarya ko amarya babu uwargida, wallahi na ga inda wannan kaɗai ya ta da ƙura a gidan da ko kwana uku ba'a yi da binne mai gidan ba. In mace ce ta rasu abin ya fi tsanani, maza da yawa basa son hoton matarsu ko mahaifiyarsu yana yawo a wayoyin mutanen da basu sani ba, kuma ita kanta wataƙila duk rayuwarta bata taɓa saka hotonta a waje ba, to don me sai bayan ranta za'a saka. Ƙari kuma akwai gidajen da a fahimtarsu ta addini basa son yaɗa hoton mamaci kwata-kwata, wasu gidajen kuma basu ɗauke shi komai ba, kai da kake waje ba lallai ka san wanne ne ba sai ka tambaya.

Tamfilet ɗin ma kansa yana zuwa da kayansa, kiɗan fiyano ko goge a ƙasa, hoton na zuƙowa yana komawa, kyandir na ci, farar tattabara na tashi, fure na zubar da ganye, a ƙarshe kuma tambarin manhajar ya fito. Waɗannan duk an ƙera su ne don su matso hawaye, alhali mutanen da zaka tura wa sun riga sun yi kukan har sun gaji, kai kuma abin da ya kawo ka shine ka ɗan sanyaya musu. Masu saka hoton makara ko likkafani ko ramin kabari ko gadon asibiti da robar iska a hanci ko motar da ta yi haɗarin, waɗannan bana ma saka su a lissafi, kar a yi kawai. Haka masu manna hoton kansu ko na maigidansu ɗan siyasa a gefe har ya fi na mamacin girma.

Ni dai hukuncina akan na hotuna, ba na kwanakin farko bane, kuma ba naka bane kai na waje. In bayan arba'in ko bayan an fita takaba 'ya'yan da kansu suka ce a haɗa musu abin tunawa, suka zaɓo hotunan da hannunsu, to wannan wani aiki ne daban kuma yana iya yin kyau sosai. In kuma dole sai an sa fuska don a gane mutumin, hoto ɗaya ya isa, wanda babban ɗansa ya amince da shi, a tsaye cak ba motsi, kuma kar ya zama shine farkon abin da ke fitowa.

Na biyu, ka kafa waya ka yi magana da fuskarka. Wannan shine ya fi kusa da zuwa da kai, kuma ga tsofaffi yana da daraja sosai, domin gwaggonka da ta shekara biyar bata ganka ba ganin fuskarka kaɗai wani sanyi ne a wurinta. Baya buƙatar iya haɗa bidiyo, baya buƙatar komai sai haske mai kyau da wuri shiru. Amma yana da sharaɗi, sai in kai na jiki ne. Abokin aikin mamacin da matar bata taɓa gani ba ya turo mata fuskarsa tana cikin takaba, abin sai ya zo wani banbaraƙwai, wasu gidajen ma baza su so ba. Kuma kamara bata rufa asiri, in ka fashe da kuka a tsakiya to ka ɗora musu naka nauyin akan nasu har su koma suna baka haƙuri, in kuma ka dake sosai kana kallon kanka a sikirin kana gyara hula sai a ga kamar sanarwa kake karantawa. Ga bayanka kuma, mutum yana Jidda ko Landan ya zauna a falo mai ƙyalli ko cikin mota da bel a ƙirji yana ta'aziyya, su kuma can suna lissafin buhun shinkafar da za'a dafa wa baƙi, ba laifi ka yi ba amma ido na gani. Ka nemi bango fili, ka zauna, wayar ta daidaita da idonka ba daga ƙasa tana kallon haɓarka ba, taga na gabanka ba bayanka ba, ka sa kayan da zaka sa in da gidan zaka je.

Inda na fuska yake lalacewa gaba ɗaya shine in an ce kowa ya turo nasa a haɗa. Mutum goma sha biyu kowa da sakan talatin, ka ga minti shida kenan, kowa na maimaita Allah ya jiƙansa da rahama, wani muryarsa ƙasa-ƙasa wani kamar a lasifika, wani a tsaye ya ɗauka wani a kwance, wani ana jin kukan yaro a bayansa. Wacce bata yi barcin kirki ba kwana uku bazata kai ƙarshe ba, kuma wanda aka sa a ƙarshe zai ji haushi, wanda aka manta ya fi shi jin haushi. Gara mutum ɗaya babba ya yi magana a madadin kowa, sauran kowa ya kira a lokacinsa.

Na uku, murya da rubutu akan fili mara hoton kowa. Shine nake ba mutane shawara a mafi yawan lokuta, duk da shine ya fi cin aiki kuma shine wanda in ba'a iya ba yake fitowa a bushe kamar sanarwar rediyo. Ƙarfinsa shine baya yi wa kowa kutse, ta buɗe ta ga launi ɗaya natsattse da inna lillahi wa inna ilaihi raji'un a rubuce, ta san menene, in ta shirya ta danna in bata shirya ba ta bari sai gobe. Zata iya kifa wayar akan katifa ta saurara kawai ba tare da ta rasa komai ba, kuma ko an tura shi gaba ya faɗa hannun baƙi babu sirrin gida a ciki. Wani zai ce to ai wannan saƙon murya ne kawai aka yi wa riga, me ya sa baza'a tura murya zalla ba. Gaskiya ne, kuma in kai kaɗai ne kuma na jiki, saƙon murya ya wadatar har ya fi. Bidiyon yana fin sa ne a wuri biyu, in ana so a ga ayar a rubuce daidai da fassararta ana bi da ido, da kuma in saƙon na jama'a ne, dangi ko ƙungiya, ana so ya zama abu ɗaya tsararre da za'a ajiye.

Bari in kawo wanda muka haɗa da wani abokina da ke zaune a Kumasi, mijin gwaggonsa ya rasu a Katsina, su kuma 'yan uwan da ke can Zango sun kai gida huɗu, babu wanda zai iya tasowa a satin. Da farko shi na hotuna yake so, har ya tara su. Na tambaye shi gwaggon tana karanta boko, yace sama-sama, amma ta yi allo kuma bata rabuwa da rediyo. To kaga wannan kaɗai ya yanke mana hukunci, duk abin da ke da muhimmanci dole ya kasance a murya, rubutun rakiya ne kawai. Na fuska kuma muka ajiye shi saboda shi kansa yace bazai iya kallon kamara ya ambaci Alhaji bai karye ba, mutumin shi ya riƙe shi shekarun da ya yi karatu a Katsina.

Muka rubuta maganar a takarda tukunna, kuma nan ne aka fi daɗewa, domin rubutunsa na farko shafi guda ne cike da tarihin rashin lafiyar, ranar da aka kwantar, abin da likita yace, da cewa da an sani da an kai shi wani asibitin. Duk muka cire. Ita ta yi jinyar, ta fi kowa sanin wannan, kuma kalmar da an sani ita ce abu na ƙarshe da mai jinya take son ji. Muka cire wa'azin da ya sako na cewa mu ma duk muna hanya kowa ya gyara, ba don ƙarya bane, don dai ba wurinsa bane. Abin da ya rage shine:

"Assalamu alaikum Gwaggo. Ni ne, daga Kumasi, a madadin dukkanmu da ke nan, manya da yara. Ya muka ji da haƙuri. Labarin rasuwar Alhaji ya iso mana, mun yi masa addu'a a masallacinmu. Gwaggo, ni dai bazan manta yadda yake tashina da asuba ya riƙe hannuna mu tafi masallaci ba. Allah ya sa wannan tafiyar tana cikin mizaninsa."

Abu ɗaya tak na tunawa, ƙarami, wanda ita ma ta san ya faru. Wannan ya fi a jero mutumin kirki ne mai haƙuri mai son zumunci mai taimako, waɗanda ake faɗa wa kowa. Kuma ya ambaci wacce yake magana da ita da sunan da yake kiranta, ba "iyalan marigayi" ba. Amma ka kula in gidan akwai mata fiye da ɗaya, ko dai ka ambace su duka bisa tsarin girma ko ka yi wa kowacce nata, kar ka ambaci ɗaya a abin da zai shiga guruf na gida.

Wajen ɗaukar muryar ba wani kayan aiki muka nema ba. Nace ya bari sai bayan isha'i unguwa ta yi shiru, ya shiga ɗakin da ke da katifa da labule saboda ɗaki fanko yana amsa kuwwa, ya kashe fanka, ya sa wayar a Airplane mode kar kira ya katse, ya riƙe ta kamar taƙi ɗaya daga bakinsa kuma ɗan gefe don kar iskar numfashi ta riƙa bugun makirfon. Ya zauna, kar ya tsaya, muryar mai tsaye tana tashi da kanta. Sannan ya yi magana kamar tana zaune a gabansa akan darduma, yana ɗan shiru bayan kowace jimla. Yadda zaka gane ka yi sauri shine ka ƙirga, in kalmomi sittin sun ƙare maka a ƙasa da sakan talatin to gudu kake, sake. Akwai kuma ɗaya ɓangaren, masu jan murya suna karkarwa da gangan kamar a wasan kwaikwayo, ko su ƙara mata amsa-kuwwa a manhaja wai don ta yi tsuma jiki, shima ana ganewa. Muryarsa ta ɗan rawa a wurin da ya ambaci asuba, yace a sake, nace a'a a barshi haka, wannan ba na ƙirƙira bane.

Sai zaɓen aya, wanda a nan ne mutane suka fi yin garaje. Duk ayar da ta ambaci mutuwa sai a ɗauko, alhali wasu gargaɗi ne ga mai gafala, wasu kuma lallashi ne ga wanda aka jarraba, kuma masu makoki na biyun suke buƙata. Ayar Nisa'i ta 78 mai cewa duk inda kuke mutuwa zata riske ku, ko ta Juma'a ta 8 akan mutuwar da kuke gudu, ko ta Ƙaf ta 19 akan magagin mutuwa, duk gaskiya ne tsantsa amma ka yi tunanin matar da ta ga fitar ran da idonta shekaranjiya tana jin wannan ita kaɗai da daddare. Kullu nafsin za'iƙatul maut ita ce kowa ya fi sani, tana Ali Imrana 185 da Anbiya'i 35 da Ankabut 57, ta dace da sanarwa ga jama'a, amma ga 'yan gida ni na fi son Baƙara 155 zuwa 157, domin su take yi wa magana kai tsaye, an ambaci jarrabawa da tauyewar rayuka, aka ce a yi wa masu haƙuri bushara, aka faɗi abin da suke cewa in musiba ta same su, aka rufe da cewa suna da salati daga Ubangijinsu da rahama. Ita muka ɗauka. Wasu don su rage tsayi sai su fara daga 156, amma ita da "allazina" ta fara, wato bayani ne akan masu haƙurin da aka ambata a ƙarshen 155, in ka yanke sai maganar ta zo ba kai. Ka barta cikakkiya ko da zata ci maka kusan minti guda.

Ƙarshen suratul Fajri, 27 zuwa 30, ya ayyatuhan nafsul muɗma'inna, ita ma ana yawan sawa kuma tana da daɗi ƙwarai, gajera ce. Abu biyu dai. In daga ƙira'ar cikakkiyar sura kake yankowa ka saurara da kyau, ayoyi biyun da ke gabanta, 25 da 26, akan azaba da ɗauri suke, in yankanka ya zame da 'yan sakanni zaka buɗe wa mutane bidiyo da su. Sannan ka biyo ta da Allah ya sa yana cikinsu, don ta zama fata muke yi ba hukunci muka yanke ba. Haka Ali Imrana 169 ta shahidai, kar ka ɗora ta akan kowace rasuwa. In iyaye ne suka rasu kuma 'ya'yan kake yi wa, addu'ar da ke Isra'i 24, rabbirhamhuma kama rabbayani sagira, ko Ibrahim 41, sun fi zama. In ƙaramin yaro ne kuwa, kalaman ma canzawa suke, mu nan cewa muke Allah ya sa mai ceto ne, Allah ya mayar da alheri, kuma ka guji cewa ai kuna da sauran yara ko ai zaki sake haihuwa. In kuma maƙwabcinka ko abokin aikinka Kirista ne aka yi masa rashi, ko dai ka tsaya a kalaman jaje zalla ko ka tambayi wani na gidan abin da suke karantawa, da yawa zasu ce maka Zabura 23 ko Yohanna 14.

Aya ɗaya ta isa, wuri ɗaya. Kuma lokacin da ƙira'a ke tafiya komai ya tsaya, ba kiɗa a ƙasa, ba nashida, ba muryarka a sama kana fassara. Wannan kuskuren ya yi yawa, a rage sautin ƙira'a a mayar da ita shimfiɗa mutum na magana a kai, alhali A'arafi 204 cewa ta yi idan ana karanta Alƙur'ani a saurara a yi shiru. Ka bari ta ƙare, ka bar shiru na sakan biyu, sannan ka faɗi ma'anar da Hausa a taƙaice. Wa zai karanta kuma? In akwai mai tajwidi a cikinku ya karanta da kansa a natse, mu wani ƙaninsu mahaddaci ne ya karanta, kuma gwaggon ta san muryarsa. In babu, ka ɗauko ta makarancin da ke karatu a sanyaye, ba irin ta daren ashirin da bakwai da liman ke kuka mamu na kuka ba, sannan ka daidaita ƙarfinta da na muryarka, in ba haka ba zata ƙara sauti don ta ji ka sai ƙira'ar ta zo ta firgita ta.

Rubutun Larabci shima sai an kula. Wasu salon rubutun a manhajojin haɗa bidiyo basa ɗaukar Larabci da kyau, sai haruffa su rarrabu ko wasula su zame daga wurinsu, kai kuma in baka iya ba bazaka lura ba. Mu hoton ayar muka ɗauka daga manhajar Alƙur'ani muka yanke gefe-gefen muka ɗora, sannan muka tura wa mahaddacin ya duba kafin a fitar. Addu'a kuma in an kwafo daga wani bidiyon a duba jinsi, allahummagfir lahu na namiji ne, laha na mace, sau da yawa zaka ga an yi wa Hajiya addu'a da lahu daga farko har ƙarshe. Mu da Hausa muka rufe, ma'anar addu'ar da Annabi (SAW) ya yi wa Abu Salama wacce Muslim ya ruwaito, Allah ya gafarta masa, ya ɗaukaka darajarsa cikin shiryayyu, ya maye masa gurbi a cikin waɗanda ya bari, ya yalwata masa kabarinsa ya haskaka masa shi. Na fi sonta saboda ta haɗa wanda ya tafi da waɗanda aka bari a numfashi ɗaya.

A ido kuwa babu komai sai kore mai duhu, rubutu fari babba, layi biyu ko uku a lokaci ɗaya, yana shigowa a hankali yana fita a hankali. Abokin nawa ya so a sa sararin sama da gajimare na tafiya, kuma ba laifi bane, sama ko ganyen darbejiya na kaɗawa in an kafa wayar bata rawa duk suna yi, amma na ga akan farin gajimare rubutu baya fitowa ga mai raunin ido. Tsarin ya tafi haka, sakan biyar na farko shiru da istirja'i a rubuce, sakan talatin da 'yan kai na gaisuwar, ƙira'a kusan sakan hamsin, ma'ana sakan goma sha biyar, addu'a sakan ashirin, sai sunayen gidaje huɗun a rubuce ba tambari ba lambar waya. Duka minti biyu da kaɗan. A tsaye muka yi shi, 9:16, muka fitar a 720p, domin 1080p ba abin da zai ƙara wa launi ɗaya da rubutu sai nauyi, ita kuma datarta da sabis ɗin unguwarsu ba lallai su ja ba. Muka goge tambarin da CapCut ke liƙawa a ƙarshe, muka kalla a ƙaramar waya ta lasifikarta ba da abin kunne ba, tunda haka zata ji shi.

Ko da ka haɗa mai kyau, turawar ma tana iya ɓata shi. Kar ka saki komai sai ka tabbatar an yi jana'iza kuma duk na jiki sun ji daga bakin mutum, domin akwai ɗan da ke makaranta ko tsohuwa mai hawan jini da ake lallaɓa yadda za'a faɗa mata, bidiyonka kar ya riga su. Mu bamu tura wa gwaggon kai tsaye ba, babbar 'yarta muka tura wa a rana ta huɗu bayan baƙi sun ragu, da ɗan rubutu cewa saƙon ta'aziyya ne daga 'yan Kumasi, babu hoton Baba a ciki, ki kunna mata lokacin da kika ga ya dace, ba sai an amsa ba. Bamu sa a Status ba, bamu sa a guruf ba. Gudummawar da suka haɗa kuma ta wata hanyar ta bi, ba'a ambace ta a bidiyon ba ko da kalma ɗaya.

Saboda haka in kai ɗa ne ko ƙani ko jika a gidan kuma zaka iya riƙe kanka na minti ɗaya, yi na fuska, kai kaɗai, ka tura wa mutum ɗaya. In ku da yawa ne, ko kai na waje ne, ko mace ce ta rasu, ko baka san ra'ayin gidan akan hoto ba, yi na murya da rubutu. Na hotuna kuma ka jira sai 'ya'yan sun nema da bakinsu, in sun nema ka ce su turo hotunan da kansu kuma su kalla kafin kowa ya gani.